Yadda ake cewa a rage rubutu har mai rubutun ya gane iyakar da ake so

A bazarar da ta wuce famfon unguwarmu ya lalace, a daidai lokacin da ruwa ya fi wuya a Damagaram. Ƙungiyar unguwa ta yanke shawarar kiran taro, kowane gida ya kawo dala ɗari, a kuma kai sanarwa gidan rediyo don waɗanda suke kasuwa ko suka yi tafiya su ji. Ni ne ma'aji, ɗan yayata kuma, wanda yake karatu a Jami'ar André Salifou, shi ke yi mana rubuce-rubuce. Ya rubuto sanarwa mai kyau, Hausarsa tsaf, amma ta yi tsawo. Na ce masa, “Ɗana, ka rage ta.” Ya dawo da ita kusan yadda take, ya cire jimla ɗaya kawai. Na ce, “A'a, ka rage sosai.” Ya dawo da ita guntuwa, babu wurin taro a ciki, babu yawan kuɗin da za a kawo. Kwana biyu suka tafi a haka, laifin kuwa nawa ne, domin sau biyu ina ba shi umarnin da ba shi da ma'auni.

Ba wanda zai je Kasuwar Dole ya ce a auna masa gero “kaɗan”. Tiya nawa, shi za a tambaye shi. Haka in ka kai wa tela wando, yatsa biyu ko uku za ka ce ya rage, kana nuna masa da hannu. Amma in aka zo kan rubutu sai mu manta, mu ce “taƙaita”, “ya yi yawa”, “ɗan rage”, mu bar mai rubutu da canke. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na koyi ba da irin wannan umarni na biyu, wato wanda ake bayarwa bayan an riga an ga rubutun farko, ko mai rubutun sakataren ƙungiya ne, ko ɗalibi, ko mai buga takardu a bakin hanya.

Mataki na farko: auna abin da ke hannunka kafin ka buɗe baki

Ba za ka iya cewa a rage kashi ɗaya cikin uku ba alhali ba ka san yawan ukun ba. Don haka fara da ƙirga. In rubutun yana kan kwamfuta, Word yana nuna yawan kalmomi a ƙasan shafi, ta hagu. A wanda aka saita da Faransanci, irin wanda ya fi yawa a nan, shiga `Révision` ka taɓa `Statistiques`, zai ba ka yawan shafuka, kalmomi, haruffa da layuka. In kuma rubutun hannu ne a kaye, ƙirga kalmomin layi uku cikakku, ka raba da uku, ka ninka da yawan layukan. Ba zai faɗa daidai cif ba, amma zai kai ka kusa, kuma kusa ya isa.

Sanarwar ɗan yayata kalma 270 ce. Na ajiye tarho a kan tabarma, na kunna agogonsa, na karanta ta da ƙarfi irin karatun mai sanarwa, ba gudu ba jan ƙafa. Ta ci minti biyu. Ke nan bakina yana fitar da kalma 135 a minti. Wannan lissafin nawa ne, kowa ya auna nasa, domin wani ya fi ni sauri, kuma rubutun da ke cike da sunaye da lambobi ya fi cin lokaci. A takarda “500” alama uku ce, a baki kuwa sai ka ce “dala ɗari”, wani lokaci ma ka maimaita don kada a yi kuskure.

Sai kuma ka san inda za ka. Mu kuɗin da muka ware na minti ɗaya da rabi ne, wato daƙiƙa 90. In na bar daƙiƙa goma ta numfashi da ɗan tuntuɓen harshe, saura 80, kuma daƙiƙa 80 a saurin bakina kalma 180 ke nan. Daga 270 zuwa 180, kalma 90 za a cire. A nan ne “kashi ɗaya cikin uku” ya fito. Lissafi ne ya kawo shi.

Mataki na biyu: zaɓi ma'aunin da ya dace da inda rubutun za shi

Tsawo ba iri ɗaya ba ne. Abin da za a karanta a rediyo, ko a gaban taro, ko bayan sallah a ƙofar masallaci, da minti ake auna shi. Abin da za a liƙa a bango, da shafi. Aikin lakwal, da kalmomi. Saƙon tarho kuwa da haruffa.

Shafi shi ne ma'aunin da ya fi yaudara. Ka ce wa yaro “shafi ɗaya”, sai ya ƙanƙanta haruffa, ya matse layuka, ya cinye gefen takarda, ya kawo maka shafi ɗaya da dattijo ba zai iya karantawa ba. Bai yi maka ƙarya ba, shafi ɗaya ne. In da shafi za ka auna, to ka ɗaure shi: takardar A4, fuska ɗaya, girman harafi 12, kada a taɓa gefe. Layi ma haka yake, layi biyar a kwamfuta ya kan zama goma sha wani abu a fuskar tarho.

Na saƙon tarho ya cancanci a tsaya a kansa, domin kuɗi ne. SMS guda yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu. Amma da zarar ka sa harafi mai ƙugiya ko da guda ɗaya, ɓ ko ɗ ko ƙ ko ƴ, tarho yana sauya tsarin da yake tura saƙon da shi, iyakar ta faɗo zuwa 70. In saƙon ya wuce guda, kowane yanki yana ɗaukar 153 a tsarin farko, 67 a na biyu. Saboda haka in ka ce wa mai rubutu “ya shiga saƙo ɗaya”, ka gaya masa ko da ƙugiya ko babu. Ni ba na son a zubar da ƙugiya, domin baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban. Amma in gidaje da yawa za a tura wa daga asusun ƙungiya, na kan yarda a cire, bayan na duba ba kalmar da ma'anarta za ta juya.

Mataki na uku: faɗi lambar ƙarshe, kada ka tsaya a kan kaso

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan mutane masu ilimi ma suke saɓani. “Rage kashi ɗaya cikin uku” da “mayar da shi kashi ɗaya cikin uku” kusan kalmomi ɗaya ne, amma na farko yana nufin 270 ta koma 180, na biyu yana nufin ta koma 90. Ɗaya ninkin ɗaya ne. A cikin hayaniyar kabu-kabu, ko a saƙon murya da aka saurara sau ɗaya, abin da kunne ke riƙewa shi ne “ɗaya cikin uku”, sauran kuma mutum ya cike da zatonsa. Waɗanda suka yi lakwal sun san aikin nan na taƙaita rubutu a darasin Faransanci, inda ake cewa a mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, a yarda da ƙari ko ragi na kashi goma cikin ɗari. Wanda ya saba da wannan, in ya ji kaso, hankalinsa ya fi karkata ga abin da zai saura. Wanda bai saba ba ya fi karkata ga abin da za a cire. Kowannensu yana da hujja.

Maganin ba shi da wuya. Faɗi kason in kana so, amma ka biyo shi da lambobi biyu, inda ake da inda za a: “Yanzu kalma 270 ce. Cire kashi ɗaya cikin uku, ta koma 180.” Ko da ya ji kason a karkace, lambar ƙarshe za ta gyara masa.

Masu ilimin addini a cikinmu sun fi sabawa da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, kalmomin rabon gado, kuma kowa ya san wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Kalmomi ne masu kyau, ba su da kwana-kwana. Illarsu guda: sulusi da sudusi harafi ɗaya ya raba su, a tarho kuwa da ƙyar kunne ke bambanta su. Sulusin 270 shi ne 90, sudusinta 45. In ka yi amfani da su, ka rubuta lambar ka tura. Ni yanzu ko da baki na yi bayani, sai na bi da ɗan rubutaccen saƙo mai lambobi, don mai rubutu ya samu abin da zai koma ya duba idan ya zauna aiki da dare.

Akwai wani tarko kuma: kason wane rubutu? In an riga an yi gyara sau biyu, takardu uku ke yawo. Ka ce “ƙara rage sulusi”, shi kuma ya lissafa daga wadda ke gabansa. Sulusi daga 270 ya bar 180. Wani sulusin daga 180 ya bar 120, ba 90 ba. Haka in ka ga an rage da yawa ka ce a maido sulusi, 180 za ta koma 240, ba za ta kai 270 ba, sai an ƙara rabinta. Don haka ka ambaci takardar da sunanta: “wadda ka turo jiya bayan magariba”, ko ka sa musu lamba, ta ɗaya, ta biyu, ta uku.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: lambar nan rufi ce ko manufa? “Kalma 180” na iya nufin kada a wuce, yana iya nufin a kai kusa. In ka ce “kada ta wuce 180” kawai, wanda ya kawo 95 bai saɓa maka ba. In ka ce “kamar 180”, wanda ya kawo 198 ma bai saɓa ba, alhali 198 a saurin bakina daƙiƙa 88 ce, ba wurin numfashi. Ba shi ƙasa da sama: tsakanin 170 da 180. Kada kuma ka ce 180 cif ba ƙari ba ragi, sai dai in akwai dalili, domin zai ɓata dare yana cusa “kuma” da “dai” don lamba ta cika.

Mataki na huɗu: nuna abin da ba a taɓawa, da inda wuƙa za ta fara

Lamba ita kaɗai tana gaya wa mutum yawan abin da zai yanke, ba ta gaya masa ina ba. Kuma abin da na lura da shi shi ne, mai rubutu ya kan tausaya wa jimlolin da ya sha wahala a kansu, ya yanke waɗanda suka zo masa a sauƙaƙe. Rana da wuri da kuɗi kuwa su ne masu sauƙin rubutawa. Shi ya sa a karo na biyu ɗan yayata ya bar kyakkyawan bayaninsa kan wahalar da mata da yara ke sha wajen neman ruwa, ya zubar da wurin taron, wato ƙofar gidan mai unguwa. Da na tambaye shi ya ce, “Kawu, ai kowa ya san inda ake taro.” A wurinsa gaskiya ne. Amma wanda ya tare a unguwar bara bai sani ba, kuma dominsa aka kai sanarwa rediyo.

Sai muka zauna, na ɗauki bik, muka raba takardar farko gida-gida muka ƙirga. Gaisuwa da jera muƙamai sun ci kalma 45. Tarihin famfon, tun daga gina shi har lalacewarsa, 60. Wahalar ruwa da tsadar ƴan garuwa, 40. Godiya ga waɗanda suka taimaka bara, kowa da sunansa, 50. Ranar taro da lokaci da wuri, 25. Kuɗi da wanda za a ba, 30. Addu'ar rufewa, 20. Da muka gama sai abin ya fito fili: ainihin saƙon kalma 55 ne kacal a cikin 270.

Wannan rabon shi ya ba ni bakin magana. Godiya ta koma jimla ɗaya ba sunaye, daga 50 zuwa 10, mun samu 40. Tarihi ya koma rabi, mun samu 30. Gaisuwa daga 45 zuwa 25, mun samu 20. Ga 90 ta cika, ba a taɓa rana ko wuri ko kuɗi ba.

Batun gaisuwa da sunaye yana buƙatar hankali a garinmu. Cire muƙamin babba ko sunan wanda ya ba da gudummawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba yaro ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa ba. In ka bar masa, ko dai ya ji tsoro ya bar su duka, ko ya cire wanda bai kamata ba a zo ana ƙorafi. Kai mai ba da umarni ka yanke, ka kuma faɗa masa a fili cewa kai ka yanke. Mu mun bar gaisuwa ga mai unguwa da limami da dattawa a dunƙule, sunayen masu taimako kuma muka ce za a karanta su a wurin taro, inda ba a biyan kuɗin minti.

Ga saƙon da na tura masa a ƙarshe:

“Ɗana, ka koma kan takarda ta ɗaya, mai kalma 270. Ina so ta koma tsakanin 170 da 180, don a karanta ta cikin minti ɗaya da rabi. Kada ka taɓa rana, lokaci, wuri, yawan kuɗi da wanda za a ba. Godiya ta zama jimla ɗaya ba sunaye, ni zan yi wa dattawa bayani. Tarihin famfo ya koma rabi. A gaisuwa ka bar mai unguwa, limami da dattawa kawai. A ƙarshe ka maimaita rana da wuri, kalmomin da wannan zai ci ka ɗebo su daga bayanin wahalar ruwa. In ka gama ka rubuto mini yawan kalmomin.”

Ka lura da jimlar maimaita rana da wuri. A rediyo mai sauraro ba ya iya komawa baya, don haka maimaicin dole ne. Amma ƙari ne, kuma mafi yawan umarnin da ke rikita mai rubutu irin wannan ne: “ka rage, amma ka ƙara kaza.” In za ka ƙara abu, ka faɗi inda za a biya kuɗinsa. Maimaicin ya ci kalma 12, bayanin wahalar ruwa ya sauko daga 40 zuwa 28, lissafi bai motsa ba.

Idan abin da kake so shi ne “abu uku kawai”

Wannan umarni kamar ya fi sauƙi, amma shi ma yana da ramukansa. Bayan ta rediyo, sai muka buƙaci saƙon da za a tura wa masu gidaje. Da na ce “abu uku kawai” na yi shiru, na san abin da zai faru, domin na sha ganinsa a wurin ɗalibai: a ɗauko abubuwa bakwai ɗin nan a ɗaure su dami uku da igiyar “da kuma” da “haka nan”. Ga lamba ɗaya, biyu, uku a gefe, amma tsawon bai ragu da komai ba.

Saboda haka tambayoyi huɗu nake amsawa tun kafin a yi mini su. Zaɓa za a yi ko haɗawa? Wato a ɗauki uku a zubar da sauran, ko a tattara duka a ƙarƙashin kai uku. Aiki biyu ne daban, kuma in don ragewa ne, zaɓa kake nufi. Wa zai zaɓa? In ka san ukun, faɗe su. In kana so shi ya zaɓa, ba shi abin da zai zaɓa da shi, misali “uku da mutum ke buƙata don ya zo taron a shirye”, domin “mafi muhimmanci” a wurinsa ba lalle ne ya zama naka ba. Kowane ɗaya tsawonsa nawa? Jimla ɗaya, ko layi biyu. Sannan gaisuwa da rufewa suna ciki, ko ban da su, ko a bar su gaba ɗaya?

Na ce masa abu uku: dalilin taro, lokaci da wuri, kuɗi. Sauran a zubar. Kowane ɗaya gajeriyar magana, ba gaisuwa, ba ƙugiya, duka kada su wuce harafi 160. Ga abin da ya kawo:

“Taron unguwa kan gyaran famfo: Asabar, karfe 5 na yamma, kofar gidan mai unguwa. Kowane gida 500F. A zo da kudin a hannu.”

Harafi 121 ne, ya shiga saƙo ɗaya da sauran wuri. Da ya sa ƙugiya a ƙarfe da ƙofar da kuɗin, da saƙo biyu za a cire mana a kan kowane gida.

Uku ba lamba ce mai tsarki ba. In abin da mutum ke buƙata huɗu ne, ka ce huɗu. Na taɓa ganin takardar gayyata da aka matse ta dole ta zama abu uku, ranar da wurin suka shiga, amma aka rasa inda za a ce mata da maza zama daban za su yi.

Mataki na biyar: duba abin da aka dawo da shi

Kada ka dogara da ido, ido yana ganin fasalin takarda ne kawai. Ƙirga. Neman mai rubutu ya turo da lambar yana sa shi ma ya ƙirga kafin ya turo, amma kai ma ka tabbatar. Ta ɗan yayata ta zo kalma 178, na karanta da agogo ta ci daƙiƙa 79.

Bayan lamba, ɗauki jerin abubuwan da ka ce kada a taɓa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin bik. Sannan ka karanta wa wanda bai san zancen ba. Ni matar maƙwabcina na karanta wa, tana tankaɗe a tsakar gida, sau ɗaya tak kamar yadda rediyo zai yi. Na tambaye ta yaushe, ina, nawa, wa za a ba. Ta amsa uku daidai, na huɗu ta ce mai unguwa za a ba. Da na koma takardar sai na ga dalili: a wajen rage gaisuwa an haɗe jimloli biyu, “shi” ɗin da a da yake komawa ga ma'aji yanzu ya koma ga mai unguwa. Irin wannan ita ce ɓarnar da ragewa ta fi yi. Kalmomi irin su “shi”, “wannan”, “kamar yadda aka ambata” suna saura, abin da suke nuni gare shi ya tafi. Ka kuma sa ido kan ƙananan kalmomin sharaɗi, “sai dai”, “ban da”, “in”. Muna da jimlar da ta ce ban da gidajen marayu da zawarawa marasa hali. Kalma takwas ce, mai ragewa zai iya ganinta ƙari ce, amma in ta fita saƙon ya zama wani saƙo.

In gyara ya rage, sabon umarnin ya zama ƙarami, kuma ka rufe sauran: “Tsawon ya yi, kada ka sake taɓa shi. A jimla ta shida kawai ka sa ‘ma'aji’ a madadin ‘shi’.” In ba ka ce tsawon ya yi ba, yana iya zaton har yanzu ba ka gamsu ba, ya ci gaba da yanka.

Wani lokaci kuma umarnin ne ba ya yiwuwa. In abubuwan da ka hana taɓawa sun kai kalma 200, ka kuma ce a kawo 180, ba gwanin da zai iya. Alamar ita ce rubutun ya dawo jimlolinsa a guntule kamar na mai haki, ko ya dawo ya wuce iyaka sau biyu a jere daga hannun mutumin da ka san ba malalaci ba ne. A nan kai za ka zaɓa: ko ka ƙara kuɗin minti, ko ka saki wani abu daga jerinka. Ka kuma buɗe masa ƙofa tun farko, ka ce in bai shiga ba ya faɗa maka abin da ya tokare, domin yaro mai kunya ba zai ce wa kawunsa lissafinsa bai fita ba sai an ba shi izini.

In mai rubutun ko mai jawabin ya girme ka

Duk abin da na faɗa yana aiki, lafazin ne ke canzawa. A ranar taron limaminmu ne zai buɗe da nasiha, kuma tsakanin ƙarfe biyar da magariba lokaci kaɗan ne. Ba zan ce masa ya rage ba. Na same shi tun da safe, bayan gaisuwa na ce, “Allah gafarta Malam, taron zai fara ƙarfe biyar, muna so a gama karɓar kuɗi kafin kiran magariba. Mun ware wa nasiha minti biyar. In da hali a tsaya kan falalar shayar da ruwa da haƙƙin maƙwabtaka, sauran bayani mai unguwa zai yi.” Akwai lamba a ciki, akwai abin da za a riƙe, akwai dalili, an kuma nuna masa cewa abin da zai bari wani zai ɗauka. Ya ce, “To, in na kai huɗu ka gyara zaman hularka in gani.” Haka aka yi. Ya rufe da addu'a ana saura kaɗan biyar ta cika, muka buɗe kaye muka fara kiran gidaje.